Awa goma sha ɗaya na biki, amarya tana son minti biyar: ya kuke yi?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na ɗauki bikin kwana uku da kyamara biyu: sa lalle, kamu, ɗaurin aure, dina, kai amarya. Da na juye katuna duka sai ga awa 11. Amarya ta ce minti biyar take so na turawa 'yan uwa. Na jera komai yadda ya faru, na ɗora waƙa, na tura mata. Amsar da ta ba ni ita ce: "Ya yi kyau, amma ban ji komai ba." Maganar nan ta tsaya mini a rai, don na san gaskiya ta faɗa. Don Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan ya faɗa mini yadda ya fita.

Mai Kyamarar Sabon Gari: Waƙarka ce ba ta da zafi. Sa mai kiɗa sosai, ka bi ta kana danna maɓallin M don sa alama a kan kowane bugu, sannan ka yanka hoto daidai kan alamomin. Ni haka nake yi, ba a taɓa dawo mini da aiki ba.

Tsohon Hannu: Wa alaikumus salam, ƙanena. Yankan kan bugu yana da wurinsa, wurin rawa da liƙi, amma in ka yi shi minti biyar cur ido zai riga ka sanin inda za ka yanka, sai mai kallo ya daina kula.

Ni ma na sha irin wannan amsar, a wani biki da na ɗauka a Zariya. Abin da ya canza mini aiki shi ne na daina farawa da hoto, na koma farawa da magana. Kafin in taɓa waƙa sai in zauna in saurari duk inda wani ya buɗe baki da gaske: waliyyi lokacin da yake cewa ya bayar, Fatihar da aka shafa, guɗar da ta tashi a cikin gida da labari ya iso, nasihar iyaye kafin a fita da amarya. A wancan bikin uwar ta yi nasiha ta kusan minti bakwai. Jimla biyu kawai na ɗauka, inda ta kira 'yar da sunan da take kiran ta tun tana goye, muryarta ta karye, ta yi shiru. Shirun ma na bar shi, daƙiƙa uku.

Jimlar farko na sa ta a buɗe fim, ba tare da nuna fuskar uwar ba. Abin da ake gani hannun amarya ne ana zana masa lalle, muryar tana tafiya a kai. Mai kallo ya ji an fara magana ba a ƙarasa ba, sai ya zauna jira. Daga nan na bi shiri da kamu na kamar minti ɗaya, ɗaurin aure daƙiƙa 45, dina minti ɗaya da rabi inda kiɗa ya kai ƙololuwa. Wajen 3:45 na kashe waƙar gaba ɗaya, na dawo ɗakin uwar, a wannan karon da fuskarta, ta faɗi jimla ta biyu. Bayan nan sai mota da amarya lulluɓe, ƙanwarta riƙe da bakin mayafin.

Ka yi lissafi kuma: minti biyar daƙiƙa 300 ne. In kowane hoto ya ci daƙiƙa uku zuwa huɗu, wurin hoto 75 zuwa 100 kawai gare ka daga cikin awa 11. Ni sau uku nake tacewa. Zagayen farko ina danna maɓallin L bidiyon na gudu da sauri, in tsinci duk abin da ya motsa ni, ya kan kai minti 40. Na biyu in sauke shi zuwa 12. Na uku shi ne mai ciwo, nan ake zubar da hoto mai kyau don kawai ya maimaita abin da wani ya riga ya faɗa.

Ɗan Fagge: Allah ya ƙara girma, Yaya. Matsalar ita ce nasihar da na ɗauka janareta na ruri a bayanta, makirfon kan kyamara ne kawai da ni.

Tsohon Hannu: Gwada `Voice Isolation` in kana da DaVinci Resolve Studio, ko `Enhance Speech` a Premiere Pro, amma kar ka murɗa shi har ƙarshe, murya kan koma kamar daga cikin randa. Ka bar ɗan rurin, ka shimfiɗa kiɗa mai sanyi can ƙasa ya rufe shi. In ka saurara a lasifikar waya ka kasa gane kalmomin, to haƙura da ita, nemi guɗa ko Fatiha su riƙe wurin. Biki na gaba kuma ka tafi da ƙaramar rakoda, ka ba wata daga cikin ƙawaye ta ajiye kusa da inda uwa za ta zauna.

Baƙon Maraɗi: Ni ma minti biyar ɗin ne ke ba ni wuya. In na tura ta WhatsApp sai hoto ya dushe, shaddar ango ta koma kamar an shafa mata toka. Wane saiti kuke fitarwa da shi?

Mai Kyamarar Sabon Gari: Tura shi a matsayin `Document`, ba zai matse ba. Amma ba wannan ake tattaunawa ba, Malam.

Yayar Amarya: Ni ba mai ɗaukar hoto ba ce, amma ku ji ta ɓangarenmu. A bikin ƙanwata mai bidiyon ya yi irin yadda Tsohon Hannu ya faɗa, kuma wallahi duk mun yi kuka. Sai dai gwaggonmu da ta riƙe yarinyar shekara tara ba ta fito ko sau ɗaya ba, alhali ƙawayen da aka haɗu da su a makaranta sun cika fim. Har yau abin yana ranta. Shi bai san ta ba, ba wanda ya nuna masa ita, tana can gefe wajen tukwane da tsohon zane. Ku riƙa tambaya tun kafin biki: su wa ne in ba su fito ba za a ji ciwo? Sannan wurin kamu mata sun saki jiki, wasu ɗankwali ya zame. Wannan bai kamata ya shiga wanda za a yaɗa ba.

Tsohon Hannu: Hajiya, kin faɗi abin da ya fi nawa. Yanzu sunaye biyar nake karɓa daga kowane ɓangare, a nuna mini su da ido ranar farko. Kuma kafin fim ya fita sai wata babba a gidan amarya ta kalla.

Ɗiyar Damagaram: Ina tace bidiyon da maigidana ke ɗaukowa. Abu ɗaya ban yarda da shi ba, Yaya: rufewa da kuka. Na yi haka sau ɗaya, ango ya ce fim ɗin ya nuna kamar an raba yarinya da gidansu da ƙarfi, shi ko'ina ba a ga murnarsa ba. Tun daga nan nake barin daƙiƙa 20 na ƙarshe ga buɗar kai, inda dangin miji ke karɓar ta, ko ɗan murmushin da ta yi da aka ɗaga mayafi.

Tsohon Hannu: Ango yana da hujja. Ni dai na ga in aka dawo da dariya nan take, nauyin nasihar yana zubewa. Watakila ya danganta da wanda zai fi yawan kallonsa, ita ko danginsa.

Ɗiyar Damagaram: Ba ya zubewa in ba ka dawo da kiɗan dina ba. Ni guɗa kawai nake bari, da hayaniyar ɗakin.

Ɗan Fagge: Na koma kan katin dare na uku. Nasihar ba ta gyaru ba, amma na tarar da wurin da kakarta ta kama hannunta a soro tana sa mata albarka, kuma a nan janareta ya yi nisa, ana jin kowace kalma. Daƙiƙa 14 ne. Da shi zan buɗe. Buɗar kai kuwa ban ɗauka ba, sai washegari aka yi bayan na tafi. Zan tambayi ƙannen ango ko wani ya ɗauka da waya.