Saura mako biyar ta rubuta JAMB, yaya zan yi kada in dame ta?

Sabo: Salamu alaikum. Daga wani ƙauye nake kusa da Ringim. Wadda nake nema shekararta 21, kuma gidansu sun san da ni. Karo na biyu ke nan za ta rubuta JAMB, karatun jinya take so. Ina so ta san ina tare da ita, amma kada in shiga tsakaninta da littafi. Me kuka gani?

Anti Ladidi: Ƙanena, fara sanin lokacinta. Yininta na ɗebo ruwa ne da surfe da girki, karatun sai bayan Asuba da bayan Isha'i. To wannan lokacin haramun ne a gare ka. Saƙo ɗaya da rana ya isa, kuma wanda ba ya neman amsa. Ka ce: "Malama nas, majinyacinki na farko yana gaisuwa, ya ce ciwon zai jira a gama jarrabawa." Za ta yi murmushi ta koma kan littafi.

Zance kuwa sau ɗaya a mako, Juma'a bayan La'asar, ka tafi da tsofaffin tambayoyi. Jarrabawar tambaya 180 ce cikin awa biyu, wato daƙiƙa 40 kowacce. Ka riƙe agogo, ka karanto mata goma daga Kimistiri. Ta ci takwas, ka aika ƙaninta ya sayo mata tsire. Ta ci huɗu, kada fuskarka ta canza, kuma kada ka kuskura ka tuna mata makin bara, ko da wasa. Na ga yarinyar da irin wannan wasan ya sa ta kuka a zaure.

Idan ka ga tana maido maka da amsa nan take ƙarfe goma na dare, littafin a rufe yake. Ja baya.

Ɗan Gumel: Ni dai ka ɗauke ƙafa gaba ɗaya sai ta gama. Ko saƙo kada ka tura.

Anti Ladidi: Mako biyar shiru? Sai ta kwana tana tunanin ko ka canza sheƙa. Wannan ya fi kira cin lokaci.

Baba Idi: Ɗana, me kake jira? Tura magabata a sa rana.

Maman Hanifa: Baba, ba yanzu ba, maganar lefe ai ta fi komai raba hankali. Ni abin da ya kayar da ni karon farko, ban taɓa taɓa kwamfuta ba sai ranar. Hannuna rawa yake, lokaci ya tafi ina neman inda zan danna. Mai gidana, lokacin yana nemana, shi ya biya mana kuɗin mota ni da yayana muka je Dutse sau biyu na gwada. Ya kuma kawo fitilar sola, ya ce aro ce, sai na ci zan biya da tuwo.

Sabo: Na gode ƙwarai. To data fa, in saya mata?

Maman Hanifa: Ni da ta ishe ni.

Anti Ladidi: Ni ban yarda ba. Littafin tambayoyin ka saya.