Mu rushe tsohuwar manhaja mu gina sabuwa, ko mu ci gaba da gyara?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Mu uku muke kula da manhajar kuɗin makaranta da sakamakon jarrabawa wadda makarantu tara suke amfani da ita. Yayana ne ya rubuta ta a 2014 da PHP 5.6, lokacin yana bautar ƙasa, ya bar mini ita da ya koma wani aiki, kuma ba na son in riƙa damunsa. Fayil ɗaya ya kai layi dubu shida, duk inda muka taɓa sai wani wuri ya lalace. A zangon da ya wuce mun gyara rasit, sai jeren matsayin ɗalibai ya rikice. Ina so mu sake rubuta ta da Laravel cikin wata huɗu, amma abokin aikina ya ƙi. Barci ya gagare ni. Ina mafita?

Wani tsohon injiniya: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kada ka rushe. Wannan layi dubu shidan da kake gani kamar shara, a cikinsa ne ƙa'idojin makarantun nan tara suke kwance, irin rangwamen ɗa na uku, da kuɗin 'ya'yan malamai, da yadda ake jera ɗalibai biyu da suka yi kunnen doki. Babu takardar da aka rubuta su, saboda haka ba za ka san ka manta da ɗaya ba sai ranar da uba ya zo da rasit a hannu yana faɗa. Netscape sun zaɓi sake rubuta burauzarsu a 1998, ba su fitar da Netscape 6 ba sai Nuwamba 2000, kafin nan Internet Explorer ya cinye kasuwa, su kuwa suna da ma'aikata masu yawa. Ku uku ne, kuma tsohuwar ba za ta daina neman gyara ba don kuna gina sabuwa.

Wata 'yar'uwa: Malam, ban yarda da kai gaba ɗaya ba. An daina fitar wa PHP 5.6 gyaran tsaro tun ƙarshen 2018, kuma idan manhajar tana amfani da `mysql_query`, an cire shi a PHP 7. Bayanan yara da kuɗin iyaye ne a ciki, don haka dole a sake ta daga tushe.

Tsohon injiniya: Hajiya, kin yi gaskiya game da haɗarin, amma maganinsa bai kai rushewa ba. A mayar da waɗannan kiraye-kiraye zuwa PDO, a ɗaga PHP, aikin makonni ne. Bayan haka sai a bi hanyar da Martin Fowler ya bayyana a 2004, wadda ya kwatanta da irin ɓauren da ke tsirowa a jikin wata bishiya har ya maye gurbinta. Ku ɗauki sashen sakamako kaɗai ku rubuta shi sabo, ya ci gaba da karanta rumbun bayanai na yanzu, sannan ku sa nginx ya tura wannan adireshi kaɗai zuwa gare shi:

```
location /sakamako/ {
    proxy_pass http://127.0.0.1:8000;
}
```

Kafin ku buɗe wa kowa, ku fitar da sakamakon zangon da ya wuce daga tsohuwar da sabuwar, ku gwada su da `diff tsoho.csv sabo.csv`. Duk layin da ya bambanta, ko dai kuskurenku ne ko wata ƙa'ida ce da ba ku sani ba. Idan abu ya ɓaci ranar raba sakamako, cire waɗannan layuka uku da sake loda nginx zai mayar da ku inda kuke.

Wani ɗan'uwa: Ni abin da ya same ni ke nan. Na yi wata bakwai ina sabunta wa wani kantin magani manhajarsa, da na gama mai kantin ya ce bai ga abin da ya canza ba, ya hana ni ragowar kuɗina. Har yau ina binsa.

Mai tambaya: Na gode, Malam, amma ba ka ga rumbun bayananmu ba. Sunan ɗalibi yana tebur uku daban-daban, kuma ba koyaushe suke daidai ba. Idan sabon sashe ya dogara da shi, ai na gaji matsalar ke nan. Sannan ni na san manhajar nan ciki da waje, ba na jin akwai ƙa'idar da za ta ɓace mini.

Tsohon injiniya: Da ka san ta ciki da waje, da gyaran rasit bai rikita matsayin ɗalibai ba. Ko ka gina sabuwa, dole ka kwashe waɗannan tebura uku zuwa cikinta, kuma a ranar za ka yanke wane suna ne sahihi. Ka gaya mana, wa zai biya albashin wata huɗun, kuma kuna ajiye aikinku a Git?

'Yar'uwa: Wannan hanyar ma tana da nata ciwon, Malam. Shiga da kalmar sirri sai ya yi aiki a manhaja biyu lokaci guda, kuma na ga inda aka yi shekara uku ana riƙe da biyun, ba a gama ƙaura ba.

Mai tambaya: Maganar albashi za mu duba ta. Na riga na fara tsara sabbin teburan tun makon jiya, zan nuna wa abokin aikina gobe in sha Allah, in ji abin da zai ce.