Neman kalma: me za mu kira "lob bombin" da Hausa?

Hadiza: Jama'a a taimaka. Gobe da ƙarfe 10 zan shiga shirin matasa a rediyo, maudu'in kuwa abin da Turawa ke kira lob bombin: saurayi ya san ki kwana uku, saƙo talatin a wuni, kati, data, "ke ce rayuwata". Na rubuta "ruwan bama-baman soyayya" amma bakina ya ƙi ɗauka.

Bashir: Goge shi. A ƙasar nan ba a wasa da bom a rediyo. Daɗin baki kawai.

Anti Rabi: Daɗin baki bai kai ba, Bashir. Mai daɗin baki yana iya barin ki kwana biyu. Wannan ba ya barin ki ki numfasa, kuma manufar ke nan. A shekarun 1970 kalmar ta fito, daga mabiya cocin Sun Myung Moon, masu lulluɓe sabon shiga da kulawa har ya kasa ja da baya. Ba a gane shi da yawan saƙo kaɗai. Ki ce masa yau kina gidan biki, sai gobe. Mai ɗoki zai ce Allah ya kai mu. Wancan zai yi fushi, ya kira sau goma, ya tuna miki katin da ya tura.

Malam Sani: Luguden soyayya. Taɓarya na tashi wata na sauka, turmi ba ya hutawa. Na daɗe ina faɗa, Hausa ba ta rasa komai ba, ku ne kuke cewa "mesej" da "data".

Bashir: Malam, da data kake wannan faɗan ai.

Malam Sani: Ku 'yan birni kun lalata harshe, sai a ƙauye ake jin Hausa yanzu.

Usman: Ni dai sati ɗaya na ce zan turo magabata, yau 'ya'yanmu uku. Lugude na yi ke nan?

Anti Rabi: A'a ƙanena. Mai turo magabata ya yarda a bincike shi. Mai lugude bincike yake gudu, shi ya sa yake raba yarinya da ƙawayenta. Naka azarɓaɓi ne, kuma yana gyaruwa tun a rubutu. Wani ɗan yayata ya nuna min nasa: "Na kasa barci, ban taɓa son kowa haka ba, me ya sa kika yi shiru?" Na ce ya cire rantsuwar, ya cire tuhumar, ya bar abin da ya faru da gaske: "Na ji daɗin hirarmu ta jiya. In kin samu sarari ranar Asabar, mu ƙarasa." Kada kuma ya ƙara wani sai ta amsa.

Bashir: Lugude duka ne fa. Yarinyar daɗi take ji da farko. Ambaliyar soyayya ta fi.

Malam Sani: Ambaliya ba da gangan take zuwa ba.

Hadiza: To, gobe zan ce luguden soyayya, mai ɗoki kuma azarɓaɓi. In masu kira suka ɗauka dukan mata nake nufi, ambaliyar Bashir zan koma.

Bashir: Za ki koma.