Idan Lambar Haraji Ba Daidai Ba Ce a Takardar Biyan Kuɗi

Daga tattaunawar da masu aikin lissafin kuɗi suka yi kan takardar biyan kuɗi mai harajin VAT, wato harajin da ake ɗorawa kan farashin kaya da ayyuka, a Najeriya, shawarar da ta fi ƙarfi ita ce a duba lambar TIN, wato lambar shaidar mai biyan haraji, da sunan kamfaninku a kan takardar tun kafin a biya. Sunan ya zama daidai da wanda ke rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, harafi da harafi. Sau da yawa kuskuren daga tsohon bayanin da ke kwamfutar abokin hulɗa yake fitowa, ko kuma an sa sunan mai kamfanin maimakon na kamfanin.

Misali, an kawo kayan naira 2,000,000, harajin kashi 7.5 cikin ɗari ya kama naira 150,000. Muddin TIN ɗin da ke takardar ba naku ba ne, mai binciken haraji zai iya ƙin yarda ku cire naira 150,000 ɗin nan daga harajin da za ku biya. Asara ce ta gaske.

Kada a gyara da biro, kada a goge. Wanda ya fitar da takardar shi ne mai gyarawa. A rubuta masa wasiƙa, ba kiran waya kaɗai ba, a ambaci lambar takardar da kwanan watanta, abin da aka rubuta da abin da ya kamata a rubuta, a haɗa da kwafin shaidar rajista. A nemi ya soke ta farko a rubuce, sabuwar kuma ta ambaci lambar tsohuwar, don kada ciniki ɗaya ya shiga lissafi sau biyu. A ajiye duka biyun tare da wasiƙar, a kuma matsa a gama kafin ranar 21 ga watan da ke biye, lokacin miƙa bayanan VAT.