Manufa guda, abubuwa uku: wace kalma za mu ba kowanne?

Sabuwar malama: Assalamu alaikum. Ina koyar da Hausa a aji 2 na firamare. A manhajojin Turanci na ga "em", "objektif" da "lanin awutkom", amma idan na zo rubuta shirin darasi duk "manufa" nake sa musu. Jiya mai duba aikinmu ya soke mini "ɗalibai su fahimci haruffa masu ƙugiya", bai ce me zan rubuta ba. Malamai, a taimaka.

Tsohon hedimasta: Wa alaikumus salam, 'yata. Ni na farkon "buri" nake ce masa: yaro ya iya karatu da rubutu da Hausa. Wannan shekaru yake ci, ba a auna shi ranar Alhamis. Na biyu "maƙasudi", wato abin da kike son cim ma kafin a kaɗa ƙararrawa. Abin da ya sa aka soke miki shi ne kalmar "fahimta", domin ba ki da hanyar ganinta a cikin kan yaro. Rubuta haka: a ƙarshen darasi, ɗalibai su iya rarrabe bari da ɓari, kafa da ƙafa, idan an furta musu. Rarrabewa kam idonki zai gani.

Malamin lissafi: Na ukun ai sakamako ne, makin da ake sa wa yaro a kati ƙarshen zango.

Tsohon hedimasta: Malam, ka ga dalilin da nake tsoron kalmar nan. Na ukun tun kafin a shiga aji ake rubuta shi, kuma daga ɓangaren ɗalibi: idan an yi masa shifta ta kalma 10 masu ɓ, ɗ da ƙ, zai rubuta aƙalla 8 daidai. Maki daga baya yake zuwa ya shaida ko an samu.

Malama daga Maraɗi: Mu a Nijar da Faransanci aka horar da mu, manufa ta gaba ɗaya da manufa ta musamman. Me zai hana a ce babbar manufa da ƙaramar manufa? Maƙasudi ya yi wa sabon malami nauyi.

Tsohon hedimasta: Yana da sauƙi, Malama, sai dai manufa ta riga ta yi kaya, har tsarin gwamnati na ilimi manufa ake ce masa.

Sabuwar malama: Baba, na karɓi buri da maƙasudi. Amma misalanka biyu na ƙarshe sun yi kama sosai.

Tsohon hedimasta: Gaskiyarki. Ko manhajar NERDC, hukumar tsara manhajoji ta Najeriya, maƙasudan da ke cikinta da bakin abin da ɗalibi zai iya aka rubuta su, shi ya sa suke cakuɗewa. Na ukun ni "abin da ɗalibi zai iya" nake rubutawa, ko da ya yi tsawo.

Malama daga Maraɗi: Kan shafi ba zai ɗauki wannan ba. Ni dai "sakamakon koyo" zan ci gaba da sawa.