Neman kalma: me za mu kira "sacuretad fat" da Hausa? Kan manja nake tambaya

Rukayya: Salam jama'a, a taimaka min. Ina rubuta ɗan bayani ne kan manja da wancan farin man da ake tacewa daga manja, sai na maƙale a sacuretad fat, na rubuta "mummunan kitse" na goge na sake rubutawa na sake gogewa. Sannan ni kaina ina son sani, wai da gaske manja cike yake da shi? Don likita ya ce wa mijin yayata ya rage saboda kwalastaral, sai ta ajiye manja ta koma farin, wai ta huta.

Sagir: Jiƙaƙƙen kitse mana. Ai kalmar jiƙewa take nufi, kamar soso ya sha ruwa.

Anti Bilki: Haba Sagir, kitse da ruwa ina suka haɗu 😂 Ni dai "mai mai barci" zan ce. Ki duba kwalbar manja da safe in gari ya yi sanyi, ƙasa ya yi kauri kamar man kaɗanya sama kuma ja wur yana gudana, to wannan na ƙasan da ya yi barci shi ne sacuretad, na saman lafiya lau ne. Ni na saman nake tsiyaya.

Malam Habu: Anti kin kama hanya amma ba ki kai gida ba. Gaskiya ne abin da ke sa manja barci shi ne wannan kitsen, sai dai ba rabuwa suke yi tsaf ba. Manja gaba ɗayansa kusan rabi da rabi ne, wajen kashi 50 cikin 100 sacuretad ne, mafi yawansa wani da ake ce wa falmitik asid, shi kaɗai ya kai kashi 44. Na saman da kike tsiyaya a masana'anta sunansa olin, kuma shi ma yana ɗauke da wajen kashi 45. Na ƙasan istiyarin, ya fi haka sosai. To kin ga kin rage amma kaɗan ne.

Anti Bilki: Ikon Allah. Shekara da shekaru ina tsiyaya ina jin ni gwana ce.

Rukayya: Malam to farin fa? Ba an cire masa ba wajen tacewa?

Malam Habu: Nan ne mutane ke ruɗewa Rukayya. Tacewa ba ta taɓa wannan kashi 50 ɗin. Abin da ake yi, a fara cire masa danƙo-danƙon da ke ciki, sai a gauraya shi da wata irin ƙasa mai tsotse launi a tace, daga nan a busa masa tururi a zafin da ya kai digiri 240 zuwa 260 cikin tukunyar da aka zuƙe iskarta. Ja ya tafi, ƙanshi ya tafi, asid ɗin da ke sa tsohon manja maƙaƙi a maƙogwaro shi ma ya tafi. Jan nan kuwa karotin ne, wanda jiki ke mayarwa bitamin A, ɗanyen manja na da miligiram 500 zuwa 700 a kowane kilo, a farin kusan babu. Bitamin E yana raguwa amma wani ya tsira. Kitsen kuwa yana nan daram. Wato yayarki ta zubar da karotin ta riƙe abin da likitan ya ce a rage. In kwalbarta olin ce, to daga 50 ta sauko wajen 45, shi ke nan ribar.

Rukayya: Innalillahi, bari in kira ta yau ɗin nan

Sagir: Amma fa manja daga bishiya yake, ba shi da kwalastaral, ni na karanta. To ina ruwan likita da shi

Malam Habu: Eh ba shi da shi a cikinsa sai ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Amma jikinka da kansa yake haɗa kwalastaral, kuma falmitik na sa mugun nau'in ya taru a jini fiye da yadda man zaitun ko man gyaɗa za su sa. Zaitun sacuretad ɗinsa wajen kashi 14 ne, gyaɗa bai wuce 20 ba. Ku yi lissafin da kanku: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce kashi 10 na kuzarin da mutum ke samu a abinci a rana, mai cin kalori 2000 ke nan giram 22. Cokalin cin abinci ɗaya na manja giram 14 ne, 7 a ciki sacuretad. Tukunyar da aka zuba cokali 6 mutum 6 suka ci, kowa ya tashi da giram 7, ba laifi. Amma in cokali 12 ne a kowace tukunya kuma aka ci ɗaya da rana ɗaya da dare, giram 28 ke nan, ya wuce tun ba a lissafa nama da madara ba.

Hajiya Mairo: Ku yi haƙuri na shigo a makare. In maganar man alayyadi kuke, ni ban taɓa ganin an dafa abinci da shi ba, shafawa muke.

Anti Bilki: A'a Hajiya, manja ake magana, na naman 'ya'yan kwakwar. Alayyadi na ƙwallon ciki ne.

Malam Habu: Kuma gara da kika kawo shi Hajiya, don shi ne ke ɓata wa manja suna. Alayyadi ya haura kashi 80. Bishiya ɗaya, mai biyu daban.

Rukayya: To mu dawo kan kalma don Allah, kun ba ni ilimi amma layina har yanzu fanko ne 😅 Mummunan kitse ya fita ko?

Malam Habu: Ki cire shi, wannan hukunci ne ba suna ba, kuma akwai wani kitsen da ya fi shi muni, me za ki kira shi in kin zo kansa? Ni da "ƙosasshen kitse" na fi so. Sagir bai yi nisa da gaskiya ba ma, ma'anar ita ce ƙwayar kitsen ta ɗauki haidurojin iya cikinta babu sauran gurbi, ta ƙoshi. Shi ya sa take miƙe sambal, su jeru su matse da juna, mai ya daskare. Ɗayan sai a ce "marar ƙoshi".

Anti Bilki: Malam wallahi in ka ce ƙosasshen kitse kowa rago mai ƙiba zai hango, wasu ma su ɗauka yabo ne. Kuma marar ƙoshi kamar zagi.

Sagir: Cikakken kitse fa?

Rukayya: Shi ma kamar yabo, kamar cikakken mutum. Ni "kitse mai daskarewa" ya fi kwanta min, ko mai barcin Anti, don mutum ya gani da idonsa.

Malam Habu: Matsalarsa ɗaya ce. Olin ɗin yayarki garau yake a kwalba ba ya barci sai sanyi ya yi tsanani, za ta ce nata ba mai daskarewa ba ne. Man kwakwa ma in ana zafi ruwa ne tsululu alhali ya fi manja nesa ba kusa ba.

Hajiya Mairo: To a ce ta sa shi a firij ta gani mana. Ni wata tambayar gare ni, in aka soya manja har ya yi hayaƙi jan ya fita, shi ne tataccen?

Malam Habu: A'a Hajiya, wannan ƙonawa ce. Karotin ya mutu, kitsen na nan, kin kuma ƙara masa abubuwan ƙuna. "Tatacce" a bar wa na masana'anta. Akwai ma wani tataccen da ake yi da ƙaramin zafi don jan ya tsira, to ganin ja a kwalba ba ya nufin ɗanye ne.

Rukayya: Wannan kuma sai ya jira, kaina ya cika. Na rubuta "kitse mai daskarewa" da layi ɗaya a ƙasa cewa ba duk mai ɗauke da shi ke barci a ido ba. Malam na san ba ka gamsu ba.

Malam Habu: Ban gamsu ba kam. Ki tambayi yayar taki abin da aka rubuta a jikin kwalbar tukuna.