Abin da aka tattaro kan maimaita sauti cikin baiti

1. Yawancin waɗanda suka tattauna wannan batu na waƙa sun yarda harafi ya faɗo sau biyu ko uku a layi, da wata kalma tsakani. "Dare ya yi, duhu ya danne gari" yana fita salin-alin.

2. Harshe na harɗewa ne idan sautuka masu kama suka yi maƙwabtaka: k da ƙ, s da sh da ts. "Ƙato ya kama ƙoƙo" ya zama wasan yara.

3. Dogon wasali, kamar na "rana" da "kuka", yana jan layi ya yi nauyi, ya dace da makoki. Gajeru kuwa gaggawa suke kawowa.

4. An rabu kan amsa-amo, wato sautin da ake maimaitawa a ƙarshen layukan waƙa. Wasu sun ce ya wadatar, kada a ƙara masa kaya. Wasu na son amon ya dawo tsakiyar layi.

A rera da ƙarfi sau uku, inda aka yi tuntuɓe a sauya kalmar.